Rufi Ya Hau, Kuɗi Bai Sauka Ba

Duk wanda ya taɓa bin sawun kuɗin kwangila a ma'aikata ya san amsoshin da ake bayarwa, domin ba su da yawa kuma ba sa canzawa. "Fayil ɗinka yana sama." "Oga ya yi tafiya." "Ba a sako kuɗin ba tukuna, Alhaji, a ƙara haƙuri." Ɗan kwangila ya fito, wayarsa na ta ruri. Mai siminti yana son cikon kuɗinsa, birkiloli suna bin na mako biyu, banki kuma ba ya manta ranar da bashi ke cika. Abin ya yi tsanani har a 2025 'yan kwangila na cikin gida suka yi ta zanga-zanga a Abuja, a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya da ta Majalisar Dokoki ta Ƙasa, kan ayyukan da suka ce sun kammala ba a biya su ba.

Sai dai masu jiran nan ba matsayinsu ɗaya ba. Wani abin da yake da shi kawai shi ne gini a tsaye da kalmar "na gama." Wani kuwa yana riƙe da lambar sashen yarjejeniya, da satifiket mai sa hannun wanda ya dace, da kwafin takardar neman biya da aka buga wa hatimin ranar karɓa. Na farko roƙo yake yi, ko da gaskiya na hannunsa. Na biyu bashi yake bi, bashin da ke da adadi da ranar cika. Mutane da yawa suna ɗauka gama aiki ne ke wajabta biya. A kwangilar gini ta zamani ba haka abin yake kai tsaye ba. Aiki yana ba ka damar neman satifiket, satifiket da takardar neman biya su ne ke tayar da lissafin kwanaki, cikar kwanakin kuma ita ce ke mayar da kuɗin bashin da aka yi jinkirin biya.

Don abin ya fito sarai, bari mu ƙaddara wani misali mu bi shi daki-daki. Wani ɗan kwangila ya sami aikin gina ajujuwa shida daga wata hukumar gwamnatin tarayya, a kan naira miliyan 120 ban da harajin kaya. Yarjejeniyar ba ta ce a riƙa auna aiki duk wata ana biya ba. Ta raba kuɗin ne zango-zango: kashi 25 cikin ɗari idan an gama fandisho aka zuba kankaren ƙasa, kashi 35 idan bango ya kai linta kuma aka yi rufi, kashi 30 idan an gama filasta da silin da ƙofofi da tagogi da fenti, kashi 10 ranar miƙa gini. An ba shi kafin alƙalami na kashi 15, wato miliyan 18, wanda za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga kowane biya. Haka kuma za a riƙe kashi 5 na kowane biya a matsayin kuɗin riƙo, wanda masu aikin ke kira ritenshan, saboda gyaran abin da ka iya lalacewa bayan miƙawa. An biya shi zango na farko lafiya. A zango na biyu aka tsaya.

Abin da zango yake nufi

Abu na farko da ya kamata ya yi, tun kafin ya taka ƙofar kowa, shi ne ya buɗe yarjejeniyar ya karanta yadda aka bayyana zangon, kalma bayan kalma. Biyan zango ba ya san "saura kaɗan." A tsarin auna aiki, wanda ya yi kashi 90 na rufi za a iya biyansa kuɗin kashi 90. A tsarin zango kuwa, in dai yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, kashi 90 daidai yake da babu. Idan takarda ta ce rufi ya haɗa da katako da kwano da allon baki da indararo, to wanda ya buga kwano ya bar indararo bai kai zango ba, ko da ruwan sama ba ya taɓa ɗaki ko ɗaya. Rigingimu da dama a nan suke farawa. Ɗan kwangila yana kallon gini yana ganin rufi, injiniya yana kallon jadawalin aiki yana ganin layi biyu da ba a cika ba, kuma kowannensu yana ganin ɗayan ne ke son zuciya.

A misalinmu, sashe na 14 na yarjejeniyar ya ce idan ɗan kwangila ya ga ya kai zango sai ya sanar da injiniya mai sa ido a rubuce, injiniyan ya duba cikin kwana 14, sannan ya ba da satifiket ko ya rubuta abin da ya rage. Mutumin namu ya rubuta sanarwa ranar 17 ga Fabrairu. Injiniya ya zo, ya hau, ya ga kusoshi sun yi ƙaranci a gefe ɗaya kuma ba a ɗaure katakon rufi da bango yadda zane ya nuna ba. Ya rubuta. Aka gyara cikin mako guda, ya dawo ya duba, ya sa hannu a satifiket ranar 6 ga Maris.

A nan akwai abin da ya cancanci a tsaya a kai, domin kalmar satifiket ta rufe takardu daban-daban, kuma kowacce ƙofar da take buɗewa daban. Akwai satifiket na wucin gadi, wanda ke shaida cewa an kai wani zango ko an yi aiki na wani adadi. Shi ne ke buɗe biyan tsakiyar aiki. Akwai na kammala aiki, wanda ake bayarwa idan gini ya kai yadda mai shi zai iya shiga ya yi amfani da shi, ko da akwai 'yan ƙananan gyare-gyare. Wannan na biyun yana da nauyi ƙwarai. Daga ranarsa ake daina lissafa wa ɗan kwangila tarar jinkiri, daga ranarsa wa'adin gyaran lahani ke farawa, wanda sau da yawa wata shida ne ko shekara guda, kuma a yarjejeniyoyi da yawa a ranar ake sakin rabin kuɗin riƙo. Sai na ƙarshe, wanda ake bayarwa bayan wa'adin gyara ya ƙare, a saki ragowar kuɗin riƙo a rufe lissafi. Wanda ya kafa hujja da na wucin gadi yana neman kuɗin riƙo, ko ya ɗauki takardar "an duba an gani" ta wani kwamitin ziyara ya ce satifiket ce, ya ba akanta hanya mafi sauƙi ta mayar da fayil ɗinsa baya.

Haka batun wanda ya sa hannu. Yarjejeniya tana ambaton mutum ko ofishi guda da ke da ikon ba da satifiket: injiniya, ko mai zanen ginin, ko manajan aiki. Sa hannun shugaban makarantar da ake wa ginin, ko wasiƙar godiya daga hakimin gari, ko hoton babban jami'i yana yanka ƙyalle, duk suna iya zama shaida cewa aiki yana nan. Amma ba su ne abin da sashe na 14 ya nema ba. Kuma wannan ba ƙa'idar son wahalarwa ba ce. Dokar Sayen Kaya da Ba da Kwangila ta Tarayya ta 2007, a sashenta na 35, ta ce da zarar an ba ɗan kwangila kafin alƙalami, ba za a ƙara biyansa komai ba sai da satifiket na wucin gadi da aka bayar bisa tanadin yarjejeniya. Ke nan akantan da ya biya ba tare da shi ba, wuyansa ya saka a igiya ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Wanda ya fahimci wannan zai daina ganin satifiket a matsayin makamin yaƙi da ma'aikata. Kariya ce ga jami'in da zai sa hannu a bauca, kuma jami'in da ya san yana da kariya ya fi saurin sa hannu.

Ranar da lissafi ke farawa

Satifiket na hannu, sai mutumin namu ya haɗa shi da takardar neman biya ya kai ofishin karɓar wasiƙu na hukumar ranar 10 ga Maris. Ya tafi da kwafi biyu. Ya miƙa ɗaya, ya ce wa ma'aikacin, "Malam, don Allah a buga mini hatimi a wannan, a sa kwanan wata da sa hannu." Wannan ɗan hatimin da bai ɗauki minti ɗaya ba shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Da ya miƙa takardun a hannun wani jami'in da suka saba a bakin mota, ko ya tura hotonsu ta waya, to da ranar da aka fara gardama sai a ce ai ba su iso ba sai a watan Mayu, kuma ba shi da abin nunawa.

Sashe na 15 na yarjejeniyarsa ya ce a biya cikin kwana 30 daga karɓar satifiket da takardar neman biya. Daga 10 ga Maris, kwana 30 ya cika ranar 9 ga Afrilu. Sashe na 16 kuma ya ce idan jinkiri ya wuce kwana 60, hukumar za ta biya ƙarin kashi 1 cikin ɗari na kuɗin a kowane wata. Wannan kwana 60 ɗin daga doka aka ɗauko shi. Sashe na 37 na dokar 2007 ya ce duk biyan da ya wuce kwana 60 daga miƙa takardar neman biya da satifiket ɗin kimanta aiki da tabbatarwar ma'aikata, to jinkirtaccen biya ne, yana jawo ƙari gwargwadon abin da yarjejeniya ta ƙayyade, kuma dole kowace yarjejeniya ta ƙunshi hukuncin irin wannan jinkiri. A lura da wannan gaɓa: doka ba ta yanke adadin ƙarin ba, ta bar wa yarjejeniya. Wanda ya sa hannu a takardar da aka bar wannan gurbi babu komai zai sha wahala wajen neman ko kwabo a kai. A kuma lura cewa dokar ta tarayya ce. Jihohi suna da nasu dokokin, kuma aikin da wani attajiri ko kamfani ya bayar yarjejeniyar kawai ke hukunci a kansa. A lissafin mutumin namu, kwana 60 ya cika ranar 9 ga Mayu.

Kafin ya rubuta wasiƙar neman haƙƙinsa, sai ya zauna ya yi lissafi, domin nan ma wuri ne da ake yawan faɗuwa. Kashi 35 na miliyan 120 shi ne miliyan 42, kuma wannan adadin ne ke zaune a ransa tun ranar da aka buga kwanon ƙarshe. Amma ba shi ake binsa ba. Za a cire kashi 15 na miliyan 42 a mayar da wani ɓangare na kafin alƙalami, wato miliyan 6 da dubu 300. Za a riƙe kashi 5, wato miliyan 2 da dubu 100. Abin da ya rage miliyan 33 da dubu 600. Daga nan ma za a cire harajin da hukuma ke yankewa tun daga tushe ta aika wa hukumar haraji da sunansa, shi kuma ya nemi takardar shaidar an aika, domin zai ci moriyarta ranar lissafin harajinsa na shekara. Harajin kaya na kashi 7.5, wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2020, shi ma hukumomin gwamnati kan riƙe shi su aika da kansu. Ɗan kwangilar da ya rubuta "ku biya ni miliyan 42" zai sami amsa ta layi ɗaya cewa adadinsa bai dace da na satifiket ba, a gyara a sake kawowa, kuma wata guda ya tafi a banza.

Akwai wani jarabi kuma da ya kauce wa. Ana cikin aiki wani jami'i ya ce masa da baki a ƙara baranda a gefen gabas, ya kuwa ƙara, ya kashe kusan miliyan 3. Ba a ba shi umarnin a rubuce ba, ba a kuma sa kuɗin cikin satifiket ba. Zuciya za ta so ya cusa shi cikin wasiƙar nan. Bai yi ba, kuma ya yi daidai. Kuɗin da aka riga aka shaida ba a gardama a kansa. Da zarar an haɗa shi da kuɗin da ake iya musu a kai, sai duka biyun su zama "ana kan dubawa." Ya buɗe wa baranda wasiƙarta daban, yana neman injiniya ya tabbatar da umarnin a rubuce ya kimanta aikin.

Wasiƙar

Ranar 14 ga Afrilu, kwana biyar bayan cikar wa'adi, ya aika wasiƙa ta farko. A ma'aikatun Najeriya da Turanci ake rubuta irinta, a Nijar da Faransanci, amma abin da ta ƙunsa ke nan:

"Ranka ya daɗe, muna magana ne kan kwangilar gina ajujuwa shida mai lamba kaza. Sashe na 15 na yarjejeniyar ya tanadi biyan kowane zango cikin kwana 30 daga karɓar satifiket da takardar neman biya. Injiniya mai sa ido ya ba da satifiket na biyu ranar 6 ga Maris, yana shaida kammala zangon bango da rufi. Ofishinku ya karɓi satifiket ɗin tare da takardarmu ta neman biya ranar 10 ga Maris, kamar yadda hatimin da ke kan kwafin da muka haɗo ya nuna. Saboda haka naira miliyan 33 da dubu 600, bayan cire kafin alƙalami da kuɗin riƙo, ta wajaba tun ranar 9 ga Afrilu, kuma har yau ba ta shigo ba. Muna roƙon a biya cikin kwana 14. Idan akwai wata takarda da ta rage ko wani ɓangare na adadin da ba ku amince da shi ba, muna roƙon a sanar da mu a rubuce cikin wannan wa'adi. Muna kuma tunatarwa cewa daga 10 ga Mayu sashe na 16 zai fara aiki."

Babu zagi a ciki, babu labarin 'ya'ya da kuɗin makaranta, babu barazanar zuwa gidan rediyo. Akwai ladabi, kuma ladabin bai rage wa maganar ƙarfi ba. Jimlar da na fi ba muhimmanci ita ce wadda ta nemi a faɗi abin da ya rage a rubuce. Ita ce ke tilasta wa ma'aikata ta zaɓi ɗaya: ko ta kawo hujja, ko ta yi shiru, ko ta amsa cewa bashi ne. Kowanne daga cikin ukun yana gaya wa ɗan kwangila inda matsalarsa take. Ya aika wasiƙar ga wanda yarjejeniya ta ambata a matsayin mai karɓar sanarwa, ya ba injiniya da daraktan kuɗi kwafi, ya sake karɓar hatimi.

Idan amsa ta zo cewa takardar shaidar biyan harajinsa ta ƙare, ko lambar asusun da ke kan takardarsa ba ta dace da wadda ke cikin rajistarsu ba, to abin farin ciki ne, domin gyaran kwana biyu ne. Idan aka ce an gano lahani a aikin, nan sai a koma ga yarjejeniya. Satifiket na wucin gadi ba hukuncin ƙarshe ba ne kan ingancin aiki, ana iya gyara shi a satifiket na gaba. Amma wanda ke da ikon gyarawa shi ne wanda ya bayar, ta hanyar da aka tsara, ba wani jami'i da ya ga tsaga a bango ya rufe fayil a aljihun tebur ba. Sai ɗan kwangila ya nemi a rubuta lahanin, a faɗi kuɗinsa, a biya ragowar da babu musu a kai. Idan lahanin na dubu 800 ne, babu dalilin riƙe miliyan 33.

Amsa ta uku ita ce aka fi ji, ita ce kuma mutumin namu ya samu ranar 5 ga Mayu: hukumar ta amince da adadin, an shirya bauca, amma ba a sako mata kuɗin manyan ayyuka ba. Tun da aka tattara kuɗaɗen gwamnatin tarayya a asusun bai ɗaya a 2015, hukuma ba ta da wani asusu a gefe da za ta ɗiba, kuma sau da yawa jami'in da ke faɗin haka gaskiya yake faɗa. Rashin kuɗi ba ya goge bashi. Amma a nan ƙarfin takarda yake tsayawa: sashe da satifiket suna tabbatar da haƙƙi, ba sa haifar da kuɗi a asusun da babu komai. Duk da haka wasiƙar nan ta 5 ga Mayu ba ƙaramar riba ba ce. Hukumar ta amsa bashin da hannunta, da adadinsa. Ranar da kuɗi suka sauka, waɗanda baucarsu ta gama zagaye ake fara biya, kuma in magana ta kai gaban alƙali, babu sauran abin da za a yi musu a kai.

Dakatar da aiki, da abin da ke bayansa

Da Mayu ta wuce babu labari, sai abokai suka fara ba shi shawarar ya kwashe ma'aikatansa ya kulle wurin. Wannan ce shawara mafi haɗari a duk lamarin. Rashin biya ba ya ba ɗan kwangila ikon barin aiki haka kawai, sai in yarjejeniya ta ba shi, kuma ta hanyar da ta tsara. Wanda ya tafi ba sanarwa, sai a wayi gari shi ne mai laifi: a rubuta masa cewa ya yi watsi da aiki, a soke kwangilar, a nemi banki ya biya lamunin da ya tsaya masa, a fara lissafa masa tarar jinkiri. Mai bin bashi ya koma wanda ake bi.

Manyan ayyuka, musamman waɗanda bankunan raya ƙasashe ke ba da kuɗinsu, sukan yi amfani da samfurin yarjejeniya na ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, FIDIC, kuma yana da kyau a ga yadda ya tsara wannan gaɓa, domin yarjejeniyoyi da yawa daga gare shi suke aro. A bugun 1999 na samfurinsa na aikin gini, injiniya yana da kwana 28 ya ba da satifiket bayan karɓar bayanin ɗan kwangila, mai aiki kuma ya biya cikin kwana 56 daga ranar da injiniya ya karɓi bayanin. In bai biya ba, ƙarin jinkiri yana hawa da kansa ba sai an nema ba. Ɗan kwangila na iya dakatar da aiki ko rage saurinsa, amma sai ya ba da sanarwar aƙalla kwana 21. Soke kwangila kuwa sai an ƙara kwana 42 bayan cikar wa'adin biya. Mataki-mataki ne, kowanne da takardarsa.

Yarjejeniyar mutumin namu ita ma tana da sashen sanarwar kwana 21. Ya yi amfani da shi ranar 2 ga Yuni, ya ambaci sashen da lambarsa, ya bayyana cewa zai dakatar daga 24 ga wata in ba a biya ba, ya kuma nemi a ƙara masa wa'adin kammalawa gwargwadon kwanakin da za a rasa. Da ranar ta zo ya sallami birkiloli amma ya bar mai gadi, ya rufe sauran siminti, ya ɗauki hotuna masu kwanan wata. Har yanzu ginin amana ne a hannunsa, kuma duk abin da ya ɓace shi za a tambaya.

Zuwa 10 ga Yuli ƙarin jinkiri ya kai na wata biyu, dubu 336 sau biyu, wato dubu 672. Nan akwai abin da ke damun 'yan kwangila Musulmi da yawa, kuma damuwa ce ta gaskiya: shin wannan ƙari ba riba ba ce? Malamai da dama suna ganin ƙari a kan bashi saboda jinkiri haramun ne mai bin bashi ya ci, shi ya sa bankunan Musulunci kan sa tarar jinkiri amma su ba da ita sadaka. Wannan tambaya ce da mutum zai kai wa malaminsa. Abin da zan ce kawai shi ne kada a goge sashen daga yarjejeniya saboda wannan, kuma kada a fasa ambatonsa a wasiƙa. Jami'in da ya san cewa kowane wata na jinkiri yana ƙara wa hukumarsa nauyin da masu bincike za su tambaye shi dalili, ya fi wanda bai da abin tsoro kula da fayil.

Idan duk wannan bai yi ba, sai hanyar shari'a, kuma a nan ma yarjejeniya ce ke nuna ƙofa. Da yawa suna cewa a fara da sulhu, sannan a je gaban mai sasanci da ɓangarorin biyu suka amince da shi, abin da Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ke tsarawa yanzu a Najeriya. Wanda ya tsallake wannan ya ruga kotu, ana iya dakatar da ƙararsa a mayar da shi. Inda babu irin wannan sashe, bashin da ke da tabbataccen adadi da satifiket da wasiƙar amincewa yana iya bin gajeriyar hanyar da manyan kotuna suka tanada don bashin da babu wata kariya ta gaskiya a kansa. Lauya ne zai duba wannan, kuma gara a gan shi da wuri, domin haƙƙin kai ƙara kan yarjejeniya yana da wa'adi, shekara shida a wurare da yawa, biyar a wasu jihohi, kuma wasu hukumomi dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa kafin a kai su ƙara. Ko an yi nasara ma akwai sauran tudu: sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a kama shi sai da amincewar Antoni Janar. Shi ya sa 'yan kwangila masu dogon gogayya suke ɗaukar kotu a matsayin zaɓin ƙarshe, suna zuba ƙarfinsu wajen ganin fayil ya cika tun daga farko.

Mu ƙaddara kuɗi sun sauka a watan Agusta aka biya shi miliyan 33 da dubu 600, aka cire haraji. Kafin ya sa hannu a kowace takardar karɓa, sai ya karanta ko an rubuta cewa wannan biya ya rufe duk wani haƙƙi nasa. In an rubuta, sa hannu na nufin ya yafe ƙarin jinkiri da kuɗin baranda da kwanakin da ya nema. Sai ya rubuta gajeriyar wasiƙa cewa ya karɓi kuɗin satifiket na biyu kawai, sauran buƙatunsa suna nan. Daga nan ya sanar da ranar komawa aiki, ya nemi injiniya ya tabbatar masa da sabon wa'adin kammalawa a rubuce, domin kusan wata biyu da ginin ya yi a tsaye kada a wayi gari an lissafa masa su a matsayin nasa jinkirin ranar miƙa ajujuwan.